Amsa wa Edita da Masu Bita Batu Bayan Batu: Tambayoyi da Amsoshi

Tambayoyin da ke ƙasa sun shafi takardar da marubuci ke mayar wa editan mujallar ilimi bayan an karanta maƙalarsa an ce ya je ya gyara. Domin bayani ya zauna a kan abu ɗaya, an ƙirƙiri misali guda da za a bi daga farko zuwa ƙarshe: wasu masu bincike sun gwada hanyoyi uku na ajiye wake har tsawon wata shida, wato buhun da aka saba amfani da shi, da jarka mai murfi, da buhun PICS mai leda biyu a ciki da buhun saƙa a waje. Sun zuba wake a mazubi huɗu na kowace hanya, sannan suka ƙirga ƙwayoyin da ƙwaro ya huda. Alƙaluman da za a gani na misali ne kawai, an sa su don a ga yadda amsa ke tafiya.

Wasiƙar hukunci ta iso, an rubuta "Major Revision". Shin an ƙi maƙalar ke nan?

Ba a ƙi ta ba, amma kuma ba a karɓe ta ba. Edita yana nufin cewa ya ga abin da zai iya bugawa a cikin aikin idan an warware matsalolin da aka lissafa, kuma galibi zai sake tura maƙalar ga masu bitar da suka karanta ta da farko. Idan "Minor Revision" aka rubuta, sau da yawa edita da kansa yakan duba gyaran ya yanke hukunci ba tare da ya koma wa kowa ba. Akwai kuma "Reject and Resubmit", wanda yake nufin an rufe wannan zagaye, amma an bar ƙofa a buɗe idan marubuci ya dawo da aikin a matsayin sabuwar maƙala da sabuwar lamba. Ko a wannan hali ma ana haɗawa da takardar amsa, domin wataƙila editan farko ne zai sake karɓar ta.

Abin da ya kamata a fara karantawa da kyau shi ne sakin layin da edita ya rubuta da kansa kafin ya liƙo rahotannin masu bita. Mutane da yawa kan tsallake shi don sun ɗauka gaisuwa ce da aka saba turo wa kowa, alhali a nan ne edita yakan nuna abin da ya fi damunsa. Idan ya ce a kula musamman da batun da mai bita na biyu ya kawo game da lissafi, to ya riga ya faɗi ma'aunin da zai auna gyaran da shi. A nan ne kuma ake samun ranar da wa'adi zai cika da jerin takardun da ake so a dawo da su.

Wa nake rubuta wa, edita ko masu bita?

Edita ake rubuta wa, domin shi ke da hukunci, masu bita shawara suke ba shi. Amma a rubuta da sanin cewa masu bitar za su karanta, kuma a mujallu da yawa kowannensu yana ganin amsar da aka ba ɗan'uwansa. Saboda haka ba a yabon ɗaya ta hanyar kushe ɗayan, kuma ba a gaya wa wannan magana a gaya wa wancan akasinta. Wasu mujallu, irin su BMJ da eLife, suna buga rahoton masu bita tare da amsar marubuci a gefen maƙala, don haka abin da aka rubuta cikin fushi yana iya zama a fili kowa ya gani.

Idan akwai maganar da edita kaɗai ya kamata ya ji, kamar zargin cewa wani mai bita yana da wata manufa ta kansa, ba a saka ta a cikin takardar amsa. Ana rubuta ta a wasiƙar rakiya ko a saƙo na daban zuwa ofishin mujalla. Haka kuma, idan mujallar tana ɓoye sunan marubuci daga masu bita, kada a sa hannu a ƙasan takardar amsa, kada a ambaci sunan jami'a, kuma a duba bayanan da ke ɓoye a cikin fayil ɗin, domin Word yakan ajiye sunan mai kwamfuta a kan kowane gyara da aka yi.

Yaya ake tsara takardar?

Ana buɗewa da gajeren sakin layi zuwa ga edita: taken maƙala, lambarta, godiya sau ɗaya, sannan jimloli uku ko huɗu da ke faɗin manyan canje-canjen da aka yi. Daga nan sai a kwafo maganar edita da ta kowane mai bita kamar yadda suka rubuta ta, kalma da kalma, ba tare da taƙaitawa ko gyara musu harshe ba. Dalili shi ne mai bita ya rubuta rahotonsa ne watanni da suka wuce, ya manta rabin abin da ya ce, kuma idan ya ga an sake fasalin maganarsa zai fara zargin an sassauta ta ne don a sami sauƙin amsawa.

A ba kowane batu lamba: 1.1, 1.2 na mai bita na farko, 2.1, 2.2 na na biyu. Masu bita da yawa kan rubuta dogon sakin layi mai ɗauke da buƙatu uku ko huɗu a cakuɗe. A irin wannan wuri marubuci shi zai raba su, ya mayar da su 2.3a da 2.3b da 2.3c, ya amsa kowace daban. Mafi yawan batutuwan da ake tsallakewa ba da gangan ba daga irin wannan sakin layi suke fitowa, inda aka amsa tambayar farko da ta ƙarshe aka bar ta tsakiya, kuma wadda aka bari ita ce mai bita zai fara nema.

Ƙarƙashin kowane batu, amsa tana ɗauke da abu uku: matsayin marubuci a kan batun, abin da aka canja a cikin maƙala, da wurin da canjin yake, da shafi da layi. Idan sabon rubutun bai wuce jimloli kaɗan ba, a kwafo shi cikin amsar. Manufar ita ce edita ya iya tabbatar da gyaran ba tare da ya yi ta lalube a cikin shafi talatin ba. Amsa irin "an gyara" ko "an yi yadda aka ce" tana isa ne kawai idan kuskuren rubutu ne ko waƙafi, kuma ko a nan ma a faɗi layin.

Mai bita ya gano kuskure na gaske a lissafinmu. Yaya za mu amsa ba tare da mun rusa maƙalar ba?

A misalinmu, masu binciken sun ɗebi samfuri biyar na ƙwaya ɗari ɗari daga kowane mazubi. Mazubi huɗu sau samfuri biyar ya ba su ashirin a kowace hanya, sai suka yi lissafi kamar suna da maimaici ashirin. Mai bita na biyu ya rubuta a batu na 2.1 cewa samfurori biyar da suka fito daga buhu ɗaya ba su da 'yanci da juna, domin ƙwaron da ya shiga buhun da zafin da ya same shi da hujin da ledarsa ta yi duk nasu ne gaba ɗaya, don haka maimaicin gaskiya huɗu ne. Yana da gaskiya, kuma wannan kuskure ne sananne a binciken noma da na muhalli, wanda Stuart Hurlbert ya yi dogon bayani a kansa a 1984. Illarsa ita ce yana sa lissafi ya nuna tabbacin da bayanan ba su kai ba, har ƙaramin bambanci ya fito kamar abin dogaro.

Abin yi shi ne a sake lissafin kafin a rubuta ko kalma ɗaya ta amsa. Hanya mafi sauƙi ita ce a ɗauki matsakaicin samfurori biyar na kowane mazubi, a sami lamba goma sha biyu maimakon sittin, sannan a kwatanta hanyoyin uku. Ga wanda ke amfani da manhajar lissafi ta R, idan bayanan suna cikin jadawali mai suna d, layi biyu sun isa:

```
m <- aggregate(huji ~ mazubi + hanya, data = d, FUN = mean)
TukeyHSD(aov(huji ~ hanya, data = m))
```

A ce bayan wata shida ƙwayoyin da aka huda sun kai kashi 62 cikin ɗari a buhun gargajiya, kashi 7 a jarka, kashi 4 a buhun PICS. Tazarar da ke tsakanin buhun gargajiya da sauran biyun tana da girman da za ta tsaya ko da maimaici huɗu ne. Amma tazarar da ke tsakanin 7 da 4, wadda a lissafin farko ta fito da ƙarfi, yanzu ta daina. To amsar za ta kasance kamar haka, a harshen da mujallar ke amfani da shi:

"Mai bita ya yi daidai, mazubi shi ne abin da aka maimaita, samfurori kuwa ma'auni ne a cikinsa. Mun sake lissafin da matsakaicin kowane mazubi, huɗu a kowace hanya. Bambancin da ke tsakanin buhun gargajiya da hanyoyi biyu masu toshe iska yana nan, amma bayananmu ba su nuna bambanci tsakanin jarka da buhun PICS ba. Mun sake Jadawali na 2, mun gyara bayanin lissafi a shafi na 7, layi na 148 zuwa 156, kuma mun cire iƙirarin cewa buhun ya fi jarka daga tsakure, da tattaunawa, da kammalawa."

Jimlar ƙarshe ita ce wadda aka fi mantawa da ita. Marubuci yakan gyara jadawali ya bar tsakure yana ta faɗin tsohon sakamako, wani lokaci har taken maƙalar yana ɗauke da iƙirarin da ya riga ya faɗi. Mai bitar da ya iya gano kuskuren lissafi zai iya gano wannan ma, kuma zai ɗauka ko dai sakaci ne ko kuma wayo. Akwai kuma tarko ɗaya a cikin sabuwar jimlar: ba a rubuta cewa jarka da buhun PICS daidai suke ba. Rashin ganin bambanci da mazubi huɗu bai tabbatar da cewa babu bambancin ba, yana iya yiwuwa gwajin ne ya yi ƙanƙanta. Abin da bayanan suka ba da izinin faɗa shi ne ba a ga bambanci ba, kuma yana da kyau a nuna faɗin iyakar ƙiyasin domin mai karatu ya ga yawan shakkar da ta rage.

Irin wannan amsa ba ta rusa maƙala, tana rage girman iƙirarinta ne zuwa abin da za ta iya ɗauka. Abin da ke rusa ta shi ne a yi ƙoƙarin kare lissafin farko da hujjar cewa wasu maƙalu da aka buga haka suka yi, domin edita ya san cewa ana buga kuskure.

An nemi mu kawo ma'aunin da ba mu ɗauka ba, kuma gwajin ya riga ya ƙare. Me za mu ce?

A batu na 2.2 mai bita ya tambayi yawan iskar oksijin da ta rage a cikin mazuban, domin maƙalar ta ce ƙwaron wake, Callosobruchus maculatus, ya mutu ne saboda ƙarancin iska. Masu binciken ba su auna ba, waken kuma an daɗe da buɗe shi. A nan babu wata dabara sai faɗin gaskiya a jimlar farko: ba mu auna ba. Amma amsar ba ta tsayawa a nan, domin tambayar tana nuna wani rauni na gaske, wato maƙalar ta faɗi dalili alhali sakamako kawai ta auna. Gyaran shi ne a sauya jimlar, a ce raguwar ɓarnar ta yi daidai da abin da binciken baya ya nuna game da ƙarancin oksijin a mazubi mai toshe iska, a ambaci waɗancan ayyukan, sannan a ƙara a sashen iyakokin bincike cewa wannan gwaji bai auna iskar ba.

Kafin a ce ba zai yiwu ba, a bambance buƙatu iri biyu. Akwai wadda idan babu ita babban iƙirarin maƙala ba zai tsaya ba, akwai kuma wadda za ta ƙara wa aikin kyau ne kawai. Idan mai bita ya ce a maimaita gwajin a wasu garuruwa biyu na tsawon shekara, wannan sabon bincike ne, kuma ana iya cewa cikin ladabi tambayar da maƙalar ta ɗauko ta taƙaita ne ga wuri ɗaya da kaka ɗaya, an kuma gyara taken da kammalawa don su nuna hakan. Idan kuwa ya ce ba a faɗi danshin waken a ranar zubawa ba, kuma an auna shi yana cikin littafin ɗakin gwaji, to sai a nemo a saka, ba a kawo uzuri. Rashin kuɗi ko na'ura dalili ne na gaskiya kuma ana iya ambatarsa a jimla ɗaya, amma shi kaɗai ba ya gamsar da edita, domin tambayar da ke gabansa ita ce ko abin da aka rubuta yana da hujja. Abin da ke gamsar da shi shi ne ya ga an daidaita iƙirari da hujjar da ake da ita.

Idan mun tabbata mai bita ne bai fahimta ba fa?

Ana iya ƙin bin shawarar mai bita, kuma editoci sun saba ganin haka. Sharaɗin shi ne a kawo hujja, kuma a ce wani abu game da maƙalar kanta. A ce mai bita na farko ya rubuta a batu na 1.4 cewa ba a sa ƙwaro a cikin waken da farko ba, don haka gwajin ba shi da tushe, alhali an faɗa a sashen dabarun bincike cewa waken ya zo da ƙwarinsa daga kasuwa kuma an ƙirga ɓarnar ranar farko. Amsar da ke zuwa wa mutum a baki ita ce ya ce ai an rubuta, a koma a karanta. Wadda ta fi amfani ita ce a ce bayanin yana nan amma ya ɓuya a tsakiyar wani dogon sakin layi, yanzu an fito da shi ƙarƙashin ƙaramin take nasa, an kuma ƙara adadin ranar farko a Jadawali na 1. Wannan ya fi ladabi, kuma yana da amfani ga maƙalar, domin idan ƙwararre da ya zauna musamman don karantawa ya tsallake bayanin, mai karatu na gaba ma zai tsallake shi.

Idan saɓanin na ilimi ne, misali mai bita ya nace a yi amfani da gwajin Duncan wajen kwatanta matsakaita alhali marubuta sun zaɓi na Tukey, sai a faɗi dalilin zaɓin a jimloli biyu ko uku: na Tukey yana tsare yawan kuskuren da ke taruwa idan ana kwatanta kowace hanya da kowace, na Duncan kuwa ya fi saurin nuna bambancin da wataƙila babu shi. A ambaci littafi ko maƙalar da ta tabbatar da haka, kuma idan an gwada duka biyun sakamako bai sauya ba, a faɗa, domin wannan yakan kashe gardamar nan take. Ana rufewa da cewa idan edita ya ga ya fi dacewa a bi ɗaya hanyar, marubuta a shirye suke. Abin lura kawai shi ne yawan wuraren da aka ƙi. Wanda ya karɓi batutuwa goma sha takwas ya tsaya a kan biyu da hujja, ana sauraronsa. Wanda ya yi musu a kan rabinsu ya sa edita cikin halin zaɓa tsakaninsa da mutanen da ya roƙa suka yi masa aiki kyauta.

Masu bita biyu sun saɓa wa juna. Wanne za mu bi?

A fara duba ko edita ya riga ya nuna inda ya karkata. Idan bai nuna ba, marubuci ya zaɓa, ya faɗi zaɓinsa a fili a wurare biyu. A ce na farko yana so a rage gabatarwa, na biyu yana so a ƙara bayani kan rayuwar ƙwaron. A ƙarƙashin 1.2 sai a rubuta cewa an cire sakin layi biyu na tarihin noman wake, amma an ƙara jimloli uku kan ƙwaron saboda buƙatar da ke 2.5, a ƙarƙashin 2.5 kuma a nuna 1.2. Idan saɓanin ya shafi ginshiƙin aikin, ta yadda bin ɗaya zai sa ɗayan ya ƙi maƙalar, gara a aika wa edita gajeren saƙo tun kafin a fara gyara a nemi ya raba gardama.

Mai bita ya lissafo maƙalu shida ya ce mu ambace su, kuma duk na mutum ɗaya ne. Dole ne?

Ba dole ba ne. A karanta su, a saka wadda ta shafi aikin da gaske, a ce game da sauran an duba su amma ba su taɓa batun ajiyar wake ba. Ƙungiyar COPE, wadda ke shimfiɗa ƙa'idojin ɗa'ar wallafa tun 1997, tana ɗaukar tilasta wa marubuci ambaton ayyuka don ƙara wa wani ko wata mujalla ƙidaya a matsayin saɓa ƙa'ida. Idan abin ya yi yawa, a sanar da edita a keɓe, a faɗi abin da aka gani kawai ba tare da hasashen ko wane ne mai bitar ba.

Yaya za mu nuna gyare-gyaren a cikin maƙalar kanta?

Galibi ana neman kwafi biyu, ɗaya mai nuna gyara da ɗaya tsaftatacce. A Word ana kunna Track Changes tun kafin a taɓa komai. Wanda ya manta, yana iya zuwa Review ya zaɓi Compare ya ba shi tsohon fayil da sabo, zai fitar da bambancin. Masu rubutu da LaTeX suna da wannan umarni:

```
latexdiff tsoho.tex sabo.tex > bambanci.tex
```

Lambobin layi su ne ke yawan jawo matsala. Ana kunna su a Word ta Layout, sannan Line Numbers, sannan Continuous. Amma lambar layi a kwafin da ke nuna gyara ba ɗaya take da ta tsaftataccen kwafi ba, domin rubutun da aka soke yana cin wuri. Saboda haka a faɗa a farkon takardar amsa wane kwafi lambobin ke nufi, kuma a bar cika lambobin sai ƙarshe, bayan kowane abokin rubutu ya gama sa hannunsa. Jimla ɗaya da aka ƙara a gabatarwa tana ture duk lambobin da ke ƙasa, sai mai bita ya je layi na 148 ya tarar da wata magana daban. Hanya mai kyau ita ce a rubuta XX a wurin kowace lamba yayin aiki, a ranar turawa a bi su ɗaya bayan ɗaya, sannan a bincika fayil ɗin a tabbatar babu XX da ya saura.

Wajen turawa ta shafukan intanet da mujallu ke karɓar maƙala da su, a Editorial Manager maƙalar tana ƙarƙashin "Submissions Needing Revision", a ScholarOne kuma ƙarƙashin "Manuscripts with Decisions", inda ake danna "create a revision". Kada a tura ta a matsayin sabuwar maƙala, domin za ta rabu da tarihinta. Akwatin da ake liƙa amsa a ciki yakan goge launi da jadawali da rubutu mai kauri, don haka a ɗora takardar a matsayin fayil ma idan an ba da dama, kuma a bambance maganar mai bita da amsa ta hanyar rubuta "Batu" da "Amsa" a gabansu, kada a dogara da launi kaɗai. Mujallu da yawa na jami'o'in Afirka suna amfani da manhajar OJS wajen karɓar maƙala, wasu kuma har yanzu ta imel suke karɓa, amma takardun da ake haɗawa ba su sauya ba.

Mun ga wani kuskure da babu wanda ya lura da shi. Mu gyara shiru?

A gyara, amma a faɗa. A ƙarshen takardar a buɗe ɗan sashe na canje-canjen da marubuta suka yi da kansu, a ce misali an gano an juya lambobi biyu a Jadawali na 3, an gyara, kuma bai shafi sakamako ba. Kwafin da ke nuna gyara zai tona shi ko an faɗa ko ba a faɗa ba, kuma lambar da ta sauya babu bayani tana tayar da hankalin edita fiye da kuskuren kansa.

Haka abin yake idan an ƙara marubuci. Idan masanin ƙididdiga ne ya sake lissafin batu na 2.1 har ya cancanci shiga cikin marubuta, ba a ƙara sunansa kawai a shafin farko. Mujallu suna neman bayani a rubuce da amincewar dukkan marubuta, tsofaffi da sabo, wasu kuma suna da takarda ta musamman da ake cikewa. Mujallun likitanci da ke bin ƙa'idojin ICMJE, wato kwamitin editocin mujallun likitanci na ƙasa da ƙasa, suna so kowane marubuci ya amince da kwafin ƙarshe, don haka takardar amsa da gyararriyar maƙala su zagaya wurin kowa kafin a danna turawa.

Wa'adi zai cika ba mu gama ba. Za a iya ƙara mana?

Ana ƙarawa sau da yawa, idan an nema kafin ranar. A rubuta wa ofishin mujalla da lambar maƙala, a faɗi aikin da ya rage da ranar da za a kammala. Idan aka bari ranar ta wuce, a wasu mujallu hanyar tura gyara tana rufewa da kanta, kuma ana iya ɗaukar maƙalar a matsayin wadda aka janye.

Mun amsa komai, amma aka sake dawo mana da ita, ko kuma aka ƙi ta. Sai me?

Zagaye na biyu abu ne da aka saba, kuma tsarin amsarsa ɗaya ne da na farko, sai dai ya fi gajarta. Idan mai bita ya maimaita batun da aka riga aka amsa, kada a kwafo tsohuwar amsa a liƙa masa, domin maimaitawar tana nufin ba ta gamsar ba. A duba ko an yi bayanin ne a cikin takardar amsa kaɗai aka bar maƙalar yadda take, wanda shi ne dalilin da ya fi yawa. Wani lokaci kuma sabon mai bita ne ya shigo saboda na farko bai samu lokaci ba, ya zo da batutuwan da ba a taɓa tayarwa ba. Ana amsa masa kamar sauran, kuma idan buƙatarsa ta ci karo da gyaran da aka yi a zagayen farko, a nuna wa edita lambar tsohon batun.

Idan an ƙi maƙalar bayan gyara, yawancin mujallu suna da hanyar ɗaukaka ƙara, amma tana amfani ne idan akwai kuskure da za a iya nunawa da yatsa, kamar a ce hukuncin ya dogara ne kan cewa ba a sake lissafi ba alhali sabon lissafin yana Jadawali na 2. Rashin jin daɗin hukunci ba ya cikin dalilan da ake karɓa, kuma muddin ƙarar tana gaban mujallar ba a tura maƙalar wani wuri. Idan aka yanke shawarar kai ta wata mujalla, gyararren kwafin ake kaiwa, mai maimaici huɗu da iƙirarin da aka rage, domin masana ajiyar hatsi ba su da yawa, kuma yana iya yiwuwa sabon edita ya tura ta ga mutumin da ya rubuta batu na 2.1.